A YI WA KOWACE DABBA ALLURA KOWACE SHEKARA

Jawabi ga 'yan ƙungiyar gama kai ta manoma

Wannan takarda an shirya ta ne domin a karanta wa jama'a ranar taron ƙungiya. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, sannu a hankali, ya riƙa tsayawa domin masu tambaya. In da hali a gayyato malamin dabbobi na yankinku ya zauna.



Kusan dukanku kun yarda allurar riga-kafi tana da amfani. Gardamar da ta rage a kan abu biyu ne. Wani yana cewa, "Ai an yi wa nawa bara, me ya sa za a sake bana?" Wani kuma yana kawo bijimai biyu na huɗa, ya bar maruƙa da awakin uwargida a gida. Zancenmu na yau a kan waɗannan biyu ne, watau dalilin da ya sa ake cewa kowace dabba, da dalilin da ya sa ake cewa kowace shekara.

Abin da bushiya ta koya mana

Dattawan da ke nan sun san bushiya. Saniya ta ɗauki zazzaɓi, ido da hanci suna zuba, baki ya yi gyambo, sa'an nan zawo ya ƙarasa ta. A 1962 aka fara babban gangamin allurar bushiya a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Shekara uku a jere ana bin garke-garke, kowace saniya aka yi wa allura sai a huda mata kunne don shaida. Cutar ta lafa har mutane suka ɗauka ta tafi.

Allurar bushiya kuwa mai ƙarfi ce, sau ɗaya tana tsare saniya har iyakar ranta. Duk da haka cutar ta dawo, a 1983 ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya. Ba allurar ce ta gaza ba. Shanun da aka yi wa ne suka tsufa, aka sayar, aka yanka, maruƙan da suka maye gurbinsu kuwa ba a ci gaba da yi musu yadda ya kamata ba. Da cutar ta waiwayo sai ta tarar da garke cike da shanun da ba su da tsari. Sai da aka sake sabon aiki, aka dage, kafin a 2011 aka ba da sanarwar cewa bushiya ta ƙare a duniya duka. Yau ba a yin allurarta, don babu bukata. Amma 'yar'uwarta tana nan cikin tumaki da awaki, kuma kuskuren da aka yi da shanu shi ne muke yi da su.

Annobar tumaki da awaki

Wannan cuta, a jikin kwalbar allurarta za ku ga an rubuta PPR. Danginsu ɗaya da bushiya da kuma ƙyandar yara. Akuya takan fara da zazzaɓi, ta ƙi cin abinci, ta tsaya gefe gashinta a tsaye. Ruwa ya riƙa zuba daga ido da hanci, daga baya ya yi kauri har ya manne fatar ido, ya toshe hanci. In ka buɗe bakinta za ka ga dasashi ya yi gyambo, da wari. Bayan kwana biyu ko uku sai zawo, sai tari da haki. Da yawa sukan mutu cikin mako guda zuwa kwana goma, masu ciki kuma su yi ɓari. Ta fi tsanani ga awaki, musamman ƙanana. An fi ganinta lokacin hunturu da farkon damina, da kuma duk lokacin da dabbobi ke yawo tsakanin kasuwanni, kamar gab da babbar salla.

Ba ta da magani. Allurar da mai kemis zai sayar maka tana iya rage ciwon huhun da ke biyo baya, amma ba ta taɓa ƙwayar cutar kanta. Riga-kafinta kuwa mai kyau ne ƙwarai. An samo shi ne daga ƙwayar da aka ɗauka a nan Nijeriya a 1975, aka raunana ta. Allura ɗaya a ƙarƙashin fata tana tsare dabba aƙalla shekara uku.

To, ga tambaya: in tana shekara uku, me ya kawo zancen kowace shekara? Ku bi wannan lissafi da ni. Misali ne kawai, kowa ya gwada da na garinsu.

A ce garinku akwai tumaki da awaki 300. Bana aka yi gangami aka samu 270, talatin suka kuɓuce, waɗansu suna jeji, waɗansu an ɓoye. Watau tara cikin goma suna da tsari. In cuta ta shigo, da wuya ta sami inda za ta bi, gama duk inda ta juya sai ta ci karo da wadda aka yi wa allura.

Shekara ta zagayo. An yi layya, an yi suna, an sayar don sayen taki, waɗansu sun mutu. A ce 100 sun fita, 90 daga cikinsu masu allura ne. An haifi waɗansu, an sayo waɗansu, 100 sun shigo. Har yanzu dabbobin garin 300 ne, in ka duba da ido ba abin da ya sake. Amma masu tsari sun koma 180, watau shida cikin goma. In aka sake tsallake wata shekara, kashi ɗaya cikin uku ya kuma fita, masu tsari sun koma 120, huɗu ke nan cikin goma. Masana kuwa sun ce sai aƙalla bakwai cikin goma suna da tsari kafin cutar ta kasa yaɗuwa. Kun ga shekara ɗaya tak ta isa ta mai da gari ƙasa da wannan iyaka, ko da an yi aiki mai kyau da farko. Kuma a lissafin nan mun ɗauka duk allurar da aka yi ta kama, abin da ba ya faruwa koyaushe.

Wani zai ce, to a yi wa sababbi kaɗai mana. Da muna sa wa dabbobinmu shaida, muna rubutawa, da hakan ya yiwu. Amma wa zai iya rantsuwa a kan jar akuyar nan, ita ce aka yi wa bara ko 'yarta ce? Maimaita allurar ba ya cutar da dabba. Tsallake ta shi ke cutarwa. Saboda haka a kawo duka.

Akwai wani abu game da ƙanana. Ɗan akuyar da uwarsa ke da tsari yana samun kariya daga nonon fari da ya sha. Wannan kariya takan ƙare wajen wata uku zuwa huɗu. In an yi masa allura kafin nan, kariyar uwar takan kashe ƙarfin allurar, ta tashi a banza. Don haka malami zai ware waɗanda ba su kai wata uku ba, ya ce a bar su tukuna. Kada ku ɗauka an yafe musu ne. Su ne za su fara faɗuwa in an manta da su. Magatakarda ya rubuta yawansu, a nemi malami ya dawo musu bayan wata uku ko huɗu.

Ciwon huhu na shanu

A nan dalilin dabam ne. Allurar ciwon huhu ba ta da dogon ƙarfi irin na bushiya. Tsarin da take bayarwa ba ya wuce shekara guda, wani iri ma wata shida ne. Kuma allurar farko ba ta kama kowace saniya sosai, sai an maimaita shekara bayan shekara garke ke yin ƙarfi. Wanda ya yi wa bijiminsa shekara uku da suka wuce, yau daidai yake da wanda bai taɓa yi ba.

Kun san alamunta. Sa ya tsaya ya miƙe wuya, ya ware ƙafafun gaba, yana numfashi da ƙyar yana nishi, in an kora shi kaɗan sai tari. In an yanka, a tarar da ruwa rawaya-rawaya cikin ƙirji, huhu ya yi tauri ya manne da haƙarƙari, in an tsaga shi a ga zane-zane a ciki. Ta numfashi take yaɗuwa, a mashaya, a kasuwa, a turke.

Muguntar wannan cuta ita ce ɓuya. Saniya na iya ɗauke da ita makonni, wani lokaci watanni, kafin ta nuna. Wadda ta warke kuma, sau da yawa akan bar wani ƙulli cikin huhunta inda ƙwayar ke zaune da rai. Ga ta da ƙiba, tana cin abinci, ba wanda zai zarge ta. Ran da wahala ta same ta, yunwar bazara ko doguwar tafiya ko aikin huɗa, tana iya komawa fesa wa sauran. Dirka wa mai ciwo allurar kemis ba tare da malami ba yakan kwantar da tari, mai shi ya yi murna ya kai kasuwa, wani ya saya ya kai garinsu. Da yawa ta haka take shiga gari.

Ku masu shanun huɗa, wannan ya fi shafarku. Makiyayi mai shanu hamsin in ya rasa biyu, garkensa yana nan. Kai mai bijimai biyu in ɗaya ya kwanta ran da aka yi ruwan shuka, garmarka ta tsaya, gama ba a huɗa da sa ɗaya a karkiyar biyu. Hasararka ba kuɗin sa kaɗai ba ce, har da amfanin gonar shekara.

Gaskiya ce allurar huhu takan kawo kumburi ga waɗansu shanu, kuma ba za mu ɓoye muku ba. Ƙaramin kumburi a wurin allura ba kome ba ne, yakan baje da kansa. Amma ku riƙa duba wurin daga mako na biyu zuwa na huɗu. In kun ga kumburi yana faɗaɗa, da zafi, sa ya rage cin abinci, a kira malami nan da nan. Akwai maganinsa, kuma yana ji in an yi da wuri. Kada a tsaga, kada a yi lalas da wuta. Saboda wannan ne ake so a gama allurar tun da rani, ba ana gobe za a ɗaura garma ba.

Cututtukan da ke cikin ƙasa

Harbin daji da ciwon saifa ba daga kasuwa suke zuwa ba, a cikin ƙasa ƙwayoyinsu ke kwance shekaru masu yawa. Harbin daji yakan zaɓi maraƙi mai ƙiba, daga wata shida zuwa shekara biyu. Ya fara ɗingishi, cinya ko kafaɗa ta kumbura, in ka danna ka ji ƙaras-ƙaras kamar iska a ƙarƙashin fata, kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Saifa kuwa sau da yawa ba a ganin ciwon, sai dai a wayi gari a tarar da mushe, baƙin jini da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura. Tana kama shanu da tumaki da awaki, tana kama mutum. An tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin watan Yuli na 2023. Irin wannan mushe kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da fatar. A tsare shi daga karnuka da ungulu, a kira malami, a ƙone ko a binne cikin rami mai zurfi.

Allurar waɗannan biyu ita ma ta shekara-shekara ce, kuma a yi ta kamar wata guda kafin ruwa ya sauka. Ba kowane gari ke bukatarsu daidai ba. Dattawa sun san fadamar da shanu suka saba mutuwa, ku gaya wa malami, shi zai yanke abin da ya dace.

"Na yi allura, ta mutu"

Wannan magana ita ce ta fi hana mutane fitowa, saboda haka mu tsaya a kanta. Riga-kafi ba magani ba ne. Jikin dabba yana bukatar mako biyu zuwa uku bayan allura kafin tsari ya kafu. Mu kuwa al'adarmu ba mu neman malami sai mun ji awakin maƙwabci sun fara mutuwa. Lokacin nan cutar ta riga ta shiga jikin waɗansu, ba ta dai nuna ba. Aka yi allura ran Talata, akuya ta mutu ran Asabar, sai a ce allura ce ta kashe ta. Banda haka, tara dabbobin gari wuri ɗaya ana cikin annoba yana ƙara watsa ta. Shi ya sa ake yin allura lokacin da dabbobi ke lafiya lau.

Dalili na biyu shi ne allurar da ta mutu tun a kwalba. Riga-kafin PPR da na huhu masu rai ne, zafi yana kashe su. Daga inda ake yinsu, kamar cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato, har zuwa garinku, tilas su zauna cikin sanyi. A kwalba busasshen gari ne, sai an zo aiki ake narkar da shi da ruwansa na musamman, shi ma mai sanyi. Da zarar an haɗa, a gama da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu, a inuwa, kwalba tana kan ƙanƙara. Abin da ya rage a zubar yadda malami ya ce, ba a ajiye shi sai gobe. Mutumin da ya zaro kwalba daga aljihun riga a kasuwa ya ce riga-kafi ne, ruwa zai sayar maka. Kuna da iko ku ce a nuna muku akwatin sanyi, a nuna ƙanƙara, a karanta ranar ƙarewar aikin maganin. Malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Na uku, dabbar da yunwa da tsutsar ciki suka cinye ba ta karɓar allura da kyau. A ba da maganin tsutsa kamar mako biyu kafin ranar. Kuma in kun yi wa sa allurar kemis ta kashe ƙwayoyin cuta a 'yan kwanakin nan, ku faɗa, domin tana iya kashe riga-kafin huhu da na saifa. Haka nan dabbar da za a yanka kwanan nan, a gaya wa malami kafin ya yi mata ta saifa, zai faɗi kwanakin da za a jira.

Zancen ɓari kuwa, yawancinsa daga kokawa ne. An kori akuya mai tsohon ciki da rana tsaka, an ja ta da ƙafa, an matse ta cikin turmutsutsu. Masu ciki a ware su gefe, a riƙe su a hankali, a nuna wa malami ya duba.

Aikin da ke kan ƙungiya

Me ya sa muka kawo wannan magana gaban ƙungiya, ba mu bar kowa da nasa ba? Domin kwalba ɗaya ta dabba 50 ce ko 100, kuma kun ji ba ta jira. Mai awaki shida ba zai iya sa a buɗe masa kwalba shi kaɗai ba. Gida goma in sun haɗu, kwalba ta ƙare cikin lokacinta, kuɗin man babur ɗin malami da na ƙanƙara kuma an raba. Har wa yau dabbobinku mashaya ɗaya suke sha, yaro ɗaya ke kora su kiwo. Wanda ya ɓoye nasa ya bar ƙofa a buɗe ga ƙananan da ba su isa allura ba na kowa da kowa.

A fara da ƙidaya, gida-gida. Mun san tun zamanin jangali mutanenmu ba su son a ƙirga musu dabba. Wannan ƙidaya ta sanin yawan kwalaben da za a ɗauko ce, in kun rage lissafi ku ne za ku rasa. Kuma a tuna yawancin awaki da tumakin cikin gida na mata ne. Maigida yana iya zuwa taro ya koma bai ce kome ba. A sa mata biyu ko uku masu mutunci su shiga gidaje su yi bayani, su ƙirga, a kuma shirya yaran da za su fito da dabbobin matan da ba su fita. Fulanin da ke zaune kusa da ku, ko masu sauka a gonakinku bayan girbi, a aika wa arɗonsu, gama shanunsu da naku iska ɗaya suke shaƙa.

Sa'an nan shugaba da magatakarda su je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma su tsai da rana. Bayan an gama girbi, da sanyi, shi ne lokacin da ya fi sauƙi: dabbobi sun ƙoshi da harawa da kara, mutane suna da sukuni da ɗan kuɗi a hannu. Wata shekara gwamnati takan yi gangami kyauta, wata shekara ba ta yi, ko kuwa ba ta iso garinku ba. Kada ku jira. A ajiye wani abu a asusun ƙungiya tun lokacin kaka, gwargwadon dabbobin kowa. Kuɗin akuya ɗaya ya isa a yi wa awakin gidaje da dama.

Ranar aiki a fara da sassafe, a ƙarƙashin inuwa. Shanu a kafa musu shinge mai ƙarfi mai siririyar hanya, su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya. Kada a sa a haɗa magani sai dabbobi sun taru. Wadda aka yi wa a shafa mata fenti ko shuni a goshi don kada a rikice. Marasa lafiya kada a kawo su filin, a bar su a gida malami ya je ya gani bayan an gama. Magatakarda ya rubuta sunan mai dabba, yawan da aka yi wa, irin allurar, da waɗanda aka bari da dalili. Wannan littafi shi za a buɗe baɗi.

Saura dabbar da aka sayo bayan an gama allura, ragon turka ko ɗan bijimin da za a koya wa garma. A ɗaure ta dabam, da kwanon ruwanta dabam, tunkiya ko akuya har mako uku. Sa kuwa ko ya wuce haka ba a tabbatar da shi ba, tun da ciwon huhu yana daɗewa a ɓoye, saboda haka a nemi malami ya duba shi. A rubuta su cikin littafi tare da ƙananan da aka bari, ran da malami ya dawo zagaye na biyu a haɗa su duka a buɗe musu kwalba ɗaya.

Masu tambayar kaji, nasu ya fi gaggawa. Riga-kafin annobar kaji da ake ɗigawa a ido ba ya kai shekara, kowane wata huɗu ake maimaitawa, kuma za a iya koya wa mutum biyu cikinku su riƙa yi. Karnuka kuma a yi musu ta haukan kare kowace shekara, a tambayi malami ko zai taho da ita rana ɗaya.

Kafin a watse yau, a zaɓi masu ƙidaya, maza da mata, a faɗi ranar da za su kawo lissafi, a kuma sa ranar da shugaba zai tafi ofishin dabbobi.